Zama ba yankewa a dokar izinin zama na dindindin ta Birtaniya

Zama ba yankewa sharaɗi ne da dokar shige da fice ta Birtaniya ta gindaya wa baƙon da ke neman izinin zama na dindindin a ƙasar. Ma'anarsa ita ce mai nema ya shafe wasu shekaru a jere, galibi biyar, yana zaune a ƙasar da izini ingantacce, ba tare da ya yi wata doguwar tafiya da ta wuce iyakar da doka ta sa ba. A mafi yawan nau'o'in biza, iyakar ita ce kada mutum ya wuce kwana 180 a wajen ƙasar a cikin kowane wata goma sha biyu. Idan ya wuce, kuma ba shi da uzurin da doka ta amince da shi, zamansa ya yanke, shekarun da ya tara kafin nan ba za su yi masa amfani ba.

Sunan wannan izini a takardun hukuma shi ne Indefinite Leave to Remain, ana taƙaita shi da ILR. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya ce ke bayar da shi. Wanda ya same shi zai iya zama, da aiki, da karatu ba tare da wa'adi ba, kuma ba ya ƙara dogara da wani kamfani ko asibiti ya ɗauki nauyin bizarsa. Shi ne kuma matakin da yawancin baƙi ke bi kafin su nemi zama 'yan ƙasa. Ƙa'idar ta shafi ɗimbin 'yan Najeriya da 'yan Ghana da ke aikin jinya, da likitanci, da kula da tsofaffi a Birtaniya, waɗanda kan koma gida hutu, ko biki, ko jinyar iyaye.

Shekarun da ake buƙata

Tsawon zaman da ake nema ya danganta da irin bizar da mutum yake riƙe da ita. Mai bizar ƙwararren ma'aikaci, wadda ake kira Skilled Worker, da mai bizar ma'aikatan lafiya da kula da jama'a, suna buƙatar shekara biyar. Wasu daga cikin masu bizar Global Talent, ta fitattun masana da masu fasaha, suna iya nema bayan shekara uku. Akwai kuma hanyar dogon zama, wadda ke buƙatar shekara goma da izini ingantacce.

Ba kowane zama ne ake lissafawa a cikin shekara biyar ɗin ba. Shekarun da mutum ya yi da bizar ɗalibi, ko da bizar da ake ba waɗanda suka kammala digiri, ba sa shiga lissafin shekara biyar na ma'aikaci. Ɗalibin da ya yi shekara ɗaya yana digiri na biyu, ya yi shekara biyu da bizar kammala karatu, sannan ya samu asibiti ko kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, lissafinsa na shekara biyar yana farawa ne daga ranar da aka ba shi bizar aiki. Shekaru ukun farko ba su ɓace gaba ɗaya ba, domin suna shiga lissafin hanyar shekara goma. Zaman da aka yi da bizar ziyara kuwa ba ya shiga ko ɗaya daga cikin biyun.

Ban da tsawon zama, akwai wasu sharuɗɗa. Mai nema da ke tsakanin shekara 18 zuwa 64 sai ya ci jarrabawar sanin rayuwa a Birtaniya, mai tambaya 24, wadda ake buƙatar a amsa 18 daidai. Sai ya cika sharaɗin iya Turanci. Ma'aikaci kuma sai mai ɗaukar nauyinsa ya tabbatar a rubuce cewa har yanzu yana buƙatarsa, kuma yana biyansa albashin da ya kai ƙa'ida. A watan Mayu na 2025 gwamnatin Birtaniya ta fitar da takardar manufa wadda a ciki ta ce tana son mayar da shekara biyar ɗin zuwa goma ga yawancin nau'o'in biza. Wannan magana ce ta tsawon shekarun, dabam take da yadda ake ƙirga kwanakin tafiya.

Ƙa'idar kwana 180

Ƙa'idar tana cikin wani sashe na dokokin shige da fice mai suna Appendix Continuous Residence, wanda ya fara aiki a ranar 1 ga Disamba 2020. Abin da sashen ya hana shi ne wuce kwana 180. Saboda haka wanda kwanakinsa suka tsaya daidai a 180 bai karya ƙa'ida ba, mai 181 ne ya karya.

Ana haɗa duk tafiye-tafiye ne wuri guda. Ba lallai ne tafiya ɗaya ta yi tsawo ba kafin a samu matsala, tafiya huɗu masu kwana hamsin-hamsin a cikin wata goma sha biyu sun kai kwana 200, sun wuce iyaka. Kuma dalilin tafiyar ba ya rage komai idan ba ya cikin uzurorin da doka ta lissafa. Hutun shekara, da bikin aure, da aikin Hajji ko Umara, da tafiyar da wurin aiki ya tura mutum, duk ana ƙirga su daidai.

Kalmar kwana tana buƙatar bayani a nan, domin a Hausa dare ake ƙirgawa. Wanda ya tashi ranar Juma'a ya dawo ranar Lahadi, Bahaushe zai ce ya kwana biyu. A lissafin hukumar kuwa kwana ɗaya ya yi, wato ranar Asabar kaɗai. Cikakkiyar rana ake ƙirgawa, wadda mutum ya yi ta gaba ɗaya a wajen ƙasar. Ranar fita da ranar dawowa ba sa shiga, saboda a kowace ɗaya ya yi wani ɓangare a cikin Birtaniya. Wanda ya fita da safe ya dawo da dare, ko ya fita yau ya dawo gobe, bai yi ko kwana ɗaya a waje ba a wannan lissafi.

Akwai kuma kwanakin da mutane kan manta da su. Idan an ba mutum biza yana ƙasarsa, shekara biyar ɗin na iya farawa daga ranar da bizar ta fara aiki, ko da bai shiga Birtaniya ba tukuna. Amma kwanakin da ke tsakanin wannan rana da ranar da ya sauka ana ɗaukarsu a matsayin kwanakin da ya yi a waje. Wanda ya yi wata biyu yana shiri kafin ya tashi, ya ci kusan kwana sittin daga cikin 180 ɗinsa na farko tun bai taka ƙasar ba.

Yadda ake auna wata goma sha biyu

A nan ne aka fi yin kuskure. Wata goma sha biyun da doka take nufi ba shekarar kalanda ba ce daga Janairu zuwa Disamba, ba kuma shekarar biza ba ce. Kowane wata goma sha biyu ne a jere, ko daga wace rana ya fara. Ana iya kwatanta shi da igiyar awo mai tsawon shekara guda, wadda ake ɗora wa a kan kalanda ana ja gaba rana bayan rana, tun daga farkon shekara biyar ɗin har ƙarshensu. Duk inda aka tsayar da igiyar, kwanakin tafiyar da ke ƙarƙashinta kada su wuce 180. Idan an samu wuri ɗaya tak da suka wuce, zama ya yanke.

Da ba haka ake yi ba. Kafin ranar 11 ga Janairu 2018, ana yanka shekara biyar ɗin ne gida biyar, ana ƙirgowa baya daga ranar da aka shigar da takardun nema, kuma kowane gida ana duba shi shi kaɗai. A wancan tsari mutum na iya yin kwana 170 a ƙarshen gida ɗaya, ya zarce da wasu 170 a farkon na gaba, ya yi kusan shekara a waje ba tare da ya karya ƙa'ida ba. Sabon tsarin ya toshe wannan ƙofa. Tsohon lissafin ya rage ne kawai ga tafiye-tafiyen da aka yi a ƙarƙashin izinin da aka bayar kafin wancan kwanan wata.

Shekara biyar ɗin kansu ana ƙirga su ne a koma baya. Jami'in da ke duba takardu zai fara daga ɗaya cikin ranaku uku, wadda ta fi yi wa mai nema amfani: ranar da ya shigar da takardu, ko wata rana da ba ta wuce kwana 28 bayan nan ba, ko ranar da ake yanke hukunci. Wannan ne ya sa ake iya nema kwana 28 kafin shekara biyar su cika. Wanda ya riga wannan lokaci yana iya fuskantar a ƙi buƙatarsa, kuma ba a mayar da kuɗin nema idan an ƙi.

Misali

A ɗauka wata ma'aikaciyar jinya ce daga Kano. Bizarta ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2020, ta sauka Birtaniya ranar 21 ga Oktoba 2020. Shekararta biyar za su cika ranar 1 ga Oktoba 2025, don haka tana iya nema daga ranar 3 ga Satumba 2025. Kwanakinta na waje kashi huɗu ne.

Na farko, kafin ta shiga ƙasar: daga 1 zuwa 20 ga Oktoba 2020, kwana 20.

Na biyu, hutun shekara: ta tashi 10 ga Yuli 2022, ta dawo 10 ga Agusta 2022. Cikakkun ranakun sun fara daga 11 ga Yuli zuwa 9 ga Agusta, kwana 30.

Na uku, bayan ta haihu ta tafi gida jego a cikin hutun haihuwarta: ta tashi 15 ga Satumba 2023, ta dawo 31 ga Disamba 2023. Satumba kwana 15, Oktoba 31, Nuwamba 30, Disamba 30, jimla kwana 106.

Na huɗu, ta koma bikin ƙanwarta ta zauna har bayan Babbar Sallah: ta tashi 1 ga Mayu 2024, ta dawo 20 ga Yuli 2024. Mayu kwana 30, Yuni 30, Yuli 19, jimla kwana 79.

Idan ta ƙirga da shekarar kalanda, ba za ta ga matsala ba, domin 2023 tana da kwana 106, 2024 tana da 79. Idan ta ƙirga da shekarar biza, daga 1 ga Oktoba 2023 zuwa 30 ga Satumba 2024, za ta samu kwana 91 daga tafiya ta uku da 79 daga ta huɗu, wato 170, nan ma za ta ɗauka ta tsira. Amma idan aka ɗora igiyar awon daga 16 ga Satumba 2023 zuwa 15 ga Satumba 2024, tafiye-tafiyen biyu suna shiga ƙarƙashinta gaba ɗaya. Kwana 106 da 79 sun zama 185. Ta wuce iyaka da kwana biyar.

Da ta dawo ranar 15 ga Yuli 2024 maimakon 20, da tafiya ta huɗu ta tsaya a kwana 74, jimlar ta zama 180 daidai, zamanta bai yanke ba. Haka kuma da ta jinkirta tafiyar, domin kwanakin tafiya ta uku suna fara fita daga lissafi ɗaya bayan ɗaya daga 16 ga Satumba 2024, kuma zuwa 30 ga Disamba 2024 babu ko ɗaya da ya rage.

Sakamakon kwana biyar ɗin nan babba ne. Ba za a ba ta izinin dindindin a 2025 ba. Tana buƙatar shekara biyar a jere waɗanda babu wata goma sha biyu mai fiye da kwana 180 a cikinsu, kuma a lissafi mafi kusa irin wannan tsawo ba zai fara ba sai daga 21 ga Satumba 2023, bayan kwana biyar na farkon tafiya ta uku sun fita. Wato ba za ta cika shi ba kafin Satumbar 2028. A tsakani sai ta sabunta bizar aikinta, ta ci gaba da dogara da mai ɗaukar nauyinta na kusan shekara uku da ba ta yi tsammani ba. Bizarta ba ta lalace ba saboda tafiyar, kuma zamanta a ƙasar halal ne. Abin da ta rasa shi ne shekarun da ta tara.

Hanya mafi sauƙi ta bincika irin wannan ita ce a rubuta duk tafiye-tafiye a jere, a ɗauki cikakkiyar ranar farko ta kowace tafiya, a ƙirga wata goma sha biyu gaba, a haɗa duk kwanakin waje da ke ciki. Idan akwai wurin da lissafi ya wuce iyaka, ɗaya daga cikin waɗannan awon zai nuna shi.

Tafiye-tafiyen da ba a ƙirgawa

Doka ta lissafa wasu dalilai da idan su ne suka sa mutum ya kasance a waje, ba za a sa kwanakin a cikin 180 ba. Na farko shi ne taimakawa a wani bala'in da ya shafi jama'a ko muhalli a wata ƙasa, kuma ga mai bizar aiki sai da yardar mai ɗaukar nauyinsa. Na biyu shi ne tsayawar zirga-zirga saboda bala'in yanayi, ko yaƙi, ko annoba. Na uku shi ne matsananciyar larura ta ƙashin kai, kamar rashin lafiyar da ke barazana ga ran mai nema, ko irin wannan rashin lafiya ko rasuwar ɗan uwa na kusa. Akwai kuma rangwame ga wasu masu bincike na ilimi waɗanda aikinsu ya kai su waje da amincewar ma'aikatarsu.

Annobar korona ta ba da misali a fili na dalili na biyu. Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen ƙasa da ƙasa a watan Maris 2020, ba a dawo da zirga-zirgar a Legas da Abuja ba sai ranar 5 ga Satumba 2020. Ma'aikacin da ya zo hutu a farkon Maris na wannan shekara ya maƙale, yana da hujjar a cire kwanakin da rufewar ta tilasta masa. Amma idan ya ci gaba da zama wata biyu bayan an buɗe hanya, sai ya kawo wani dalilin dabam game da waɗannan watanni.

Uzurin ba ya aiki da baki. Mai nema ne zai kawo shaida: takardar likita da ta nuna tsananin ciwon da lokacinsa, takardar shaidar rasuwa, abin da ke tabbatar da dangantakar, tikitin da aka soke, da wasiƙar bayani. Idan takarda ba da Turanci ko harshen Wales aka rubuta ta ba, sai an haɗa ta da ingantacciyar fassara. Jami'in yana kuma duba ko tsawon zaman ya dace da dalilin.

A koma ga misalin ma'aikaciyar jinyar. Da tafiyarta ta huɗu ta kasance saboda mahaifinta yana kwance rai kwakwai mutu kwakwai, kuma tana da takardun asibiti, za ta iya neman a cire waɗannan kwanaki. Tun da kwana biyar kawai ta wuce da su, ko wani ɓangare aka amince da shi ya isa. Jego da biki kuwa ba sa cikin dalilan da aka lissafa. Kasancewar tana cikin hutun haihuwa da doka ta ba ta ya kare mata aikinta ne, bai hana a ƙirga kwanakin da ta yi a waje ba.

Sauran abubuwan da ke yanke zama

Mutum na iya yanke zamansa ko bai fita ko'ina ba. Hukuncin ɗauri a kurkuku yana yanke shi, sai dai idan ɗaurin jingine ne. Umarnin korar mutum daga ƙasa ko hana shi shiga shi ma yana yanke shi. Wanda ya fi faruwa shi ne a bar biza ta ƙare ba a nemi sabuntawa ba.

Idan mutum ya shigar da takardun sabuntawa kafin bizarsa ta ƙare, sashe na 3C na Dokar Shige da Fice ta 1971 yana tsawaita masa tsohon izininsa har a yanke hukunci, ko da hakan ya ɗauki watanni, kuma zamansa bai yanke ba. Idan ya makara, akwai rangwame ɗan kaɗan: ya nema a cikin kwana 14 bayan ƙarewar bizar, kuma ya nuna ƙwaƙƙwaran dalilin da ya fi ƙarfinsa, kamar kwanciya a asibiti. Mantuwa ba ta cikin irin waɗannan dalilai.

Tafiya yayin da ake jiran hukunci ita ma tana da haɗari. Wanda ya shigar da takardu a cikin Birtaniya, sannan ya fita daga yankin tafiya na bai ɗaya, wanda ya ƙunshi Birtaniya, da Ireland, da tsibirin Man, da tsibiran Channel, ana ɗauka ya janye buƙatarsa. Idan tsohuwar bizarsa ta riga ta ƙare, ya rasa izinin dawowa ke nan.

Ga mai bizar aiki akwai wani abu kuma. Idan ya yi fiye da mako huɗu a shekara ba ya aiki kuma ba a biyansa, ƙa'ida ta ce mai ɗaukar nauyinsa ya daina ɗaukar nauyin, sai in dalilin yana cikin waɗanda aka keɓe, kamar hutun haihuwa ko na rashin lafiya. Don haka doguwar tafiya ba albashi na iya taɓa bizar kanta tun kwanakin ba su kai 180 ba.

Hanyar shekara goma da ta ma'aurata

Hanyar dogon zama tana da tsohuwar ƙa'idarta. Kafin ranar 11 ga Afrilu 2024, ana buƙatar kada tafiya ɗaya ta wuce kwana 184, kuma jimlar kwanakin waje a shekara goman kada ta wuce 548. Daga wannan rana aka mayar da ita kan ƙa'idar kwana 180 a kowane wata goma sha biyu. Tafiye-tafiyen da aka fara kafin canjin ana auna su da tsohuwar ƙa'ida, na bayansa da sabuwa, don haka mutum ɗaya na iya samun lissafi iri biyu a takardunsa.

Mata ko mijin mai bizar aiki, wanda ke zaune a matsayin mai dogaro da shi, ƙa'idar kwana 180 ta hau kansa a izinin da aka ba shi daga 11 ga Janairu 2018, kuma lissafinsa dabam yake da na abokin zamansa. Yana yiwuwa miji ya cika sharaɗi matarsa ba ta cika ba. Wanda ya shigo da bizar auren ɗan Birtaniya a hanyar shekara biyar kuwa, ba shi da ƙayyadadden adadin kwanaki. Abin da ake dubawa a wurinsa shi ne ko ma'auratan da gaske suna da niyyar zama tare a Birtaniya, kuma yawan zama a waje na iya sa a yi shakkar hakan.

Yadda hukuma ke tabbatar da kwanakin

Takardar nema tana buƙatar a rubuta tafiye-tafiye, da ranar fita, da ranar dawowa, da dalili. Birtaniya ba ta buga hatimin fita a fasfo, amma tun watan Afrilu 2015 kamfanonin jirage da na jiragen ruwa suna miƙa wa hukuma bayanan fasinjojin da ke barin ƙasar. Jami'in na iya gwada abin da mai nema ya rubuta da abin da ke cikin wannan rumbu, da kuma hatiman shiga da fita na wasu ƙasashe da ke cikin fasfon. Wanda ya rasa tsohon fasfonsa, ko bai tuna ranakun ba, yana da damar neman ma'aikatar ta ba shi bayanan da take riƙe da su a kansa. Ɓoye tafiya da gangan ya fi wuce kwanaki muni, domin ana iya ƙin buƙatar bisa dalilin yaudara, kuma hakan yana shafar abin da zai nema nan gaba.

Bayan samun izinin

Da zarar an ba mutum izinin dindindin, ƙa'idar kwana 180 ta daina aiki a kansa, amma wata ta maye gurbinta. Idan ya yi fiye da shekara biyu a jere a wajen ƙasar, izinin yana mutuwa da kansa ba tare da an sanar da shi ba. Mai son komawa bayan haka sai ya nemi bizar mazaunin da ya dawo, ya nuna yana da alaƙa mai ƙarfi da ƙasar, ya kuma bayyana abin da ya riƙe shi.

Neman zama ɗan ƙasa yana da nasa lissafin a ƙarƙashin Dokar Zama Ɗan Birtaniya ta 1981, kuma ya fi na izinin dindindin tsanani. Kwanakin waje kada su wuce 450 a shekara biyar ɗin da suka gabata, kada kuma su wuce 90 a wata goma sha biyun ƙarshe. Sai mai nema ya kasance yana cikin ƙasar a ainihin ranar da ta cika shekara biyar baya daga ranar nemansa, kuma ya riƙe izinin dindindin na wata goma sha biyu. Ga wanda ke auren ɗan Birtaniya, shekara uku ake dubawa, iyakar kuma kwana 270. Ma'aikacin da yake yin kwana 120 a waje kowace shekara bai taɓa karya ƙa'idar 180 ba, amma a shekara biyar ya tara kwana 600, ya wuce iyakar zama ɗan ƙasa da kwana 150.

Kwatanci da wasu wurare

Kalmar zama ba yankewa tana cikin dokokin ƙasashe da dama, amma awon ya bambanta. A dokar Tarayyar Turai ta 2003 kan baƙi masu dogon zama, ana buƙatar shekara biyar, tafiya ɗaya kada ta kai wata shida a jere, jimlar tafiye-tafiye kuma kada ta wuce wata goma. Kanada ba ta auna kowace shekara, tana buƙatar mai izinin dindindin ya tara kwana 730 a cikin ƙasar a kowace shekara biyar domin ya riƙe matsayinsa. Ma'aikaciyar jinyar da ke cikin misalin, mai jimlar kwana 235 a waje, wadda tafiyarta mafi tsawo ba ta kai wata huɗu ba, da ta cika awon Tarayyar Turai, amma ta faɗi a na Birtaniya saboda tafiye-tafiyenta biyu sun faɗa cikin wata goma sha biyu ɗaya.